Darajar hannun jari a lissafin Gordon: inda kuɗin yake ɓoye tsakanin lambobi biyu

Wanda ya sayi hannun jari a kamfani, me ya saya? Ba zai je ya ciro injin masana'anta ya kai gida ba, ba kuma zai shiga asusun kamfanin ya ɗebi kasonsa ba. Abin da ke isowa hannunsa daga kamfanin shi ne rabon riba, wato kuɗin da ake ware wa masu hannun jari daga ribar da aka ci. Za ka ce ai yana iya sayar da hannun jarin ya ci riba. Haka ne, amma shi wanda zai saya a wurinsa, don me zai biya? Shi ma don rabon da zai zo nan gaba ne, da kuma kuɗin da wani na uku zai ba shi. Idan ka bi jerin masu sayen har iyakarsa, ba abin da ke saura sai rabon riba na shekara bayan shekara. A kan wannan tunani masanin tattalin arziki John Burr Williams ya gina hujjarsa a 1938: darajar hannun jari ita ce jimillar dukkan rabon da zai haifar, bayan an mayar da kowanne zuwa darajarsa ta yau.

Matsalar ita ce ba wanda zai iya zama ya ƙiyasta rabon shekara ta 17 da ta 40 da ta 90 ɗaya bayan ɗaya. A nan Myron Gordon da Eli Shapiro suka shigo a 1956. Suka ɗauka cewa rabon yana ƙaruwa da kaso guda kowace shekara, ba ya canzawa, har abada. Da wannan zato ɗaya, jerin da ba shi da ƙarshe ya dunƙule ya zama layi guda:

```
P0 = D1 / (r - g)
```

`P0` ita ce darajar hannun jarin yau. `D1` shi ne rabon da ake sa ran samu a shekara mai zuwa. `g` shi ne kason da rabon ke ƙaruwa da shi duk shekara. `r` kuwa ita ce ribar da mai saka jari yake buƙata kafin ya yarda ya jingine kuɗinsa a wannan kamfani, tare da haɗarin da ke ciki. Ana kiran wannan lissafin Gordon, kuma sauƙinsa ne ya sa ake son sa. Sauƙin nan kuma shi ne ke yaudarar mutane, domin wanda ya ga layi ɗaya sai ya zaci amsar ma tabbatacciya ce kamar lissafin firamare.

Bari mu ɗauki kamfani guda mu bi shi har ƙarshe. Na ƙirƙiro shi ne don misali, lambobinsa kuma na zaɓe su don su fito sarai. A ce kamfanin rarraba wutar lantarki ne da ya daɗe da kafuwa, wanda bai jima da biyan dala 2 a kan kowane hannun jari ba. Muna ganin rabon zai riƙa ƙaruwa da kashi 4 cikin 100 a shekara, muna kuma buƙatar ribar kashi 9 cikin 100.

Tuntuɓen farko yana nan tun a bakin ƙofa. Dala 2 ɗin nan an riga an biya, ta shiga aljihun wanda yake riƙe da hannun jarin a lokacin. Kai da za ka saya yau, rabonka na farko shi ne na baɗi, wato dala 2 da ƙarin kashi 4, dala 2.08 ke nan. Sai a raba ta da tazarar da ke tsakanin 9 da 4:

```
D1 = 2.00 × 1.04 = 2.08
P0 = 2.08 / (0.09 - 0.04) = 41.60
```

Darajar ta kama dala 41.60. Wanda ya manta ya sa dala 2 a sama zai samu 40, ya rage wa hannun jarin dala 1.60 ba gaira ba dalili. Wannan ƙaramin kuskure ne, ana yawan yin sa, gyaransa kuma ba wuya: ka tambayi kanka ko rabon da ke hannunka an biya shi ko tukuna.

Me ya sa jerin kuɗi marar iyaka ya ba da adadi mai iyaka? Dubi shekarun farko. Dala 2.08 ta baɗi, idan aka zaftare mata kashi 9 na jiran shekara guda, darajarta a yau kusan dala 1.91 ce. Rabon shekara ta biyu ya fi girma, wajen dala 2.16, amma jiransa ya fi tsawo, don haka a yau bai wuce 1.82 ba. Kowace shekara rabon na hawa da kashi 4, zaftarewar jira na cin kashi 9, sai darajar kowane sabon rabo ta zama kusan kashi 95 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Haka suke ta ƙanƙancewa har su zama ba a bakin komai ba, jimillarsu kuma ta tsaya a 41.60. Wannan ne dalilin da ya sa dole `r` ta fi `g`. Idan `g` ya kai `r` ko ya wuce ta, rabon ba ya ƙanƙancewa, jimillar ba ta da ƙarshe, lissafin kuma zai fitar maka da adadi ƙasa da sifiri ko ya ƙi rabuwa gaba ɗaya. Duk wanda ya ga haka kada ya ɗauka ya gano kamfani mai daraja marar iyaka. Zatonsa ne ya karye.

Akwai hanyar gwada amsar da nake so ƙwarai, domin tana nuna cewa lissafin bai manta da mai niyyar sayarwa ba. A ce ka saya a 41.60, ka riƙe shekara ɗaya. Ka karɓi 2.08. A lokacin, rabon da ke gaba ya zama kusan 2.16, darajar hannun jarin kuma ta koma 43.26. Ƙarin farashi dala 1.66, da rabo 2.08, jimilla 3.74, wanda shi ne kashi 9 cikin 100 na abin da ka zuba. Kashi 5 ya zo daga rabo, kashi 4 daga tashin farashi. A duniyar wannan lissafi, farashi yana tafiya ne da saurin rabo, ba ya wuce shi ba ya bari a bar shi a baya.

Yanzu ga wurin da ya kamata a daɗe ana kallo. Duk wannan daraja a kan tazarar `r - g` take tsaye, tazarar kuma ƙaramar lamba ce da aka samo daga manyan ƙiyasi biyu da ba wanda ya gan su da ido. Mu bar `r` a kashi 9, mu taɓa `g` kaɗan. Idan ƙaruwar kashi 3 ce, darajar ta sauka zuwa 34.33. Idan kashi 5 ce, ta hau 52.50. A kashi 6 ta kai 70.67. A kashi 8 kuwa sai ka ga dala 216, fiye da ninki biyar na inda muka fara, alhali kamfanin bai sayar da ko ƙarin wuta ta kwana ɗaya ba. Lura kuma da cewa hawan ba daidai yake da saukar ba: rage maki ɗaya ya cire kusan dala 7, ƙara maki ɗaya ya ƙara kusan 11, kuma kowane ƙarin maki ya fi wanda ya gabace shi ƙarfi. Haka abin yake ta ɓangaren `r`. Da kashi 8 muka nema maimakon 9, da mun samu 52. Da kashi 10 ne, 34.67.

Ni a ganina, wanda ya ce maka "wannan hannun jarin darajarsa 41.60" bai gama magana ba. Maganar gaskiya ita ce tana tsakanin 34 da 52 gwargwadon maki ɗaya sama ko ƙasa, kuma aikin mai nazari shi ne ya kare dalilin da ya sa ya tsaya inda ya tsaya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne nisan wurin da kuɗin yake. A misalinmu na farko, rabon shekaru goma na farko gaba ɗaya darajarsa a yau kusan dala 15.60 ce, ƙasa da kashi 40 cikin 100 na 41.60. Ragowar duk daga shekara ta 11 zuwa gaba yake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ma sai bayan shekara 30 zai iso. Idan kuma aka sa `g` a kashi 8, kusan kashi uku cikin huɗu na dala 216 ɗin nan yana bayan shekara 30. Wato duk lokacin da ka ɗaga `g`, kana tura jarinka ne zuwa zamanin da ba ka san wa zai shugabanci kamfanin ba, ba ka san wace doka za ta hau kansa ba, ba ka ma san ko hajarsa za ta ci kasuwa ba.

To daga ina `g` na gaskiya yake fitowa? Da yawa sukan duba rabon shekaru biyar da suka wuce, su ga ya yi ta hawa da kashi 10, su ɗauko goman su dasa a lissafin. Wannan shi ne babban kuskure, domin lissafin ba shekara biyar yake tambaya ba, har abada yake nufi. Abu biyu ne ke ɗaure `g`, kuma na biyun ya fi ba da haske.

Na farko, kamfani ba zai fi tattalin arzikin da yake rayuwa a cikinsa saurin girma har abada ba. Idan tattalin arziki na girma da kashi 5 a shekara, har da hauhawar farashi a ciki, kamfani kuma na girma da kashi 8, kason kamfanin a cikin tattalin arzikin zai riƙa ninkawa kusan kowace shekara 25. Ka ci gaba da ninkawa, wata rana kamfanin ya haɗiye ƙasar. Saboda haka girman tattalin arziki na dogon zango shi ne rufin da `g` ba ya hudawa, kuma kamfanin da ya tsufa yawanci ƙasa da rufin yake zama. A nan ne kuma ake buƙatar kula da cewa `r` da `g` su kasance a kuɗi iri ɗaya. In akwai hauhawar farashi a cikin ɗaya, dole ta kasance a cikin ɗayan. Wanda ya ɗauko `g` daga ƙasar da farashi ke tashi da sauri, ya haɗa shi da `r` ta ƙasar da kuɗin ruwa yake ƙasa, ya matse tazarar da hannunsa, darajar ƙarya kuma za ta fito masa.

Na biyu, ƙaruwa ba kyauta ba ce. Kafin rabo ya girma, sai riba ta girma, kafin riba ta girma kuma sai an bar wani abu a cikin kamfanin an juya shi. Abin da aka bari kuwa an cire shi ne daga rabon yau. Ana rubuta dangantakar haka:

```
g = b × ROE
```

`b` shi ne kason ribar da kamfani ke riƙewa, `ROE` kuma ita ce ribar da yake samu a kan jarin masu hannun jari. Mu koma kamfaninmu. A ce ribarsa ta baɗi dala 3.12 ce a kan kowane hannun jari. Ya raba kashi biyu cikin uku, shi ne 2.08 ɗin da muka sani, ya riƙe 1.04. Idan yana samun kashi 12 cikin 100 a kan abin da ya juya, wannan 1.04 za ta haifi kusan santi 12 da rabi, wanda shi ne kashi 4 cikin 100 na 3.12. Ka ga inda kashi 4 ɗinmu ya fito, ba daga sama ya faɗo ba.

Yanzu a ce shugabannin kamfanin suna son ƙaruwar kashi 6. Da ribar kashi 12 a kan jari, sai sun riƙe rabin riba, wato rabon baɗi ya sauka zuwa 1.56. A raba 1.56 da tazarar kashi 3, a samu dala 52. Tuna cewa ɗazu, da muka ɗaga `g` zuwa 6 ba tare da taɓa rabon ba, 70.67 muka samu. Bambancin da ya haura dala 18 kuɗin mafarki ne, na wanda yake son ya cinye riba kuma ya same ta tana haihuwa a cikin kamfani. Duk da haka 52 ta fi 41.60, don haka a wannan yanayi riƙe riba ya amfani masu hannun jari. Dalili shi ne kamfanin yana samun kashi 12 a kan kuɗin da masu shi kashi 9 kawai suke nema.

Sauya lamba ɗaya ka ga abin mamaki. A ce abin da kamfanin ke samu a kan sabon jari kashi 9 ne, daidai da `r`. Idan ya raba ribar duka, 3.12, babu ƙaruwa, darajar 34.67. Idan ya riƙe kashi ɗaya cikin uku, `g` ya zama kashi 3, rabo 2.08, darajar 34.67. Idan ya riƙe rabi, `g` ya zama kashi 4 da rabi, rabo 1.56, darajar dai 34.67. Ko motsi ba ta yi ba. Idan kuwa kashi 6 yake samu, ya kuma riƙe rabi, `g` zai zama kashi 3, darajar ta faɗo zuwa dala 26, ƙasa da abin da za a samu in da ya raba komai ya daina faɗaɗawa. Kamfanin yana girma, rabonsa na hawa duk shekara, rahotonsa na shekara cike da sabbin ayyuka, amma masu shi suna asara. Wannan, a wurina, shi ne darasi mafi tsada da ke cikin lissafin Gordon, kuma wanda ya tsaya a layin farko ba zai taɓa ganin sa ba. Kalmar "girma" ba ta isa ta sa ka biya ƙari ba sai ka san nawa ake samu a kan kuɗin da aka hana ka.

Ita `r` ba zan daɗe a kanta ba. Yawanci ana farawa da kuɗin ruwan da takardun lamunin gwamnati na dogon zango ke biya, a ɗora ladan haɗarin hannun jari a kai, a daidaita shi da irin rawar da farashin wannan kamfani ke yi idan kasuwa ta motsa. Abin riƙewa shi ne ita ma ƙiyasi ce, kuma tana tashi idan kuɗin ruwa ya tashi. Wannan ne ya sa hannayen jarin kamfanonin da ke biyan rabo a kai a kai sukan faɗi lokacin da babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, ko da cinikinsu bai ragu ba.

Wane irin kamfani ne lissafin ya dace da shi? Wanda ya manyanta, ribarsa ba ta yawan tsalle, yana kuma da al'adar raba kaso sananne daga cikinta: kamfanonin wuta da ruwa, wasu manyan bankuna, masu yin kayan masarufi. Coca-Cola, alal misali, ta shafe fiye da shekara 60 tana ƙara rabonta kowace shekara. A Amurka ma hukumomin da ke ƙayyade kuɗin wuta da iskar gas sun daɗe suna amfani da wannan lissafi wajen ƙiyasta ribar da ta dace masu jarin kamfanonin su samu. A ɗaya gefen ga katafaren kamfanin Amurka Berkshire Hathaway, wanda rabonsa na ƙarshe tun 1967 ne. Sa sifiri a saman lissafin zai ba ka daraja sifiri, wanda kowa ya san ba haka ba ne. Haka nan kamfanin da ke mayar wa masu shi kuɗi ta hanyar sayen hannayen jarinsa daga kasuwa: idan ka ƙirga rabo kaɗai ba ka sa tasirin sayen a cikin ƙaruwar rabon kowane hannun jari ba, za ka rage masa daraja. Ƙaramin kamfani mai gudu da kashi 20 kuwa, sai an ƙiyasta shekarun gudun ɗaya bayan ɗaya, sannan a kawo lissafin Gordon daga shekarar da ake ganin zai natsu.

Ko dogon tarihi ba lamuni ba ne. A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da farashin mai, Shell ya rage rabonsa na wata uku daga santi 47 zuwa 16, karo na farko tun Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya gina ƙiyasinsa a kan cewa rabon nan zai yi ta hawa a hankali ya wayi gari kashi biyu cikin uku na `D1` ɗinsa sun tafi. Ba kowace girgiza ake hangowa ba, amma akwai alamun da ake iya dubawa a cikin asusun kamfani. Idan rabo na ƙaruwa da sauri fiye da riba shekara da shekaru, kason da ake rabawa yana cinye wanda ake riƙewa, kuma hakan yana da iyaka. Idan kuɗin da ya rage bayan an biya ayyuka da gyaran kayan aiki bai kai rabon da ake biya ba, bashi kuma yana hawa, to da rance ake biyan rabon. Idan kuma rabon ya yi girma ƙwarai a kan farashi fiye da na takwarorinsa, sau da yawa kasuwa ce ke nuna ba ta yarda rabon zai ɗore ba.

Saboda duk wannan, na fi amfani da lissafin ta baya. Maimakon in zuba zatona in fitar da farashi, sai in ɗauki farashin kasuwa in tambaye shi abin da ya ɗauka. A ce hannun jarin kamfaninmu yana dala 60 a kasuwa, alhali mun samu 41.60. Kafin in ce kasuwa ta yi kuskure, sai in juya lissafin:

```
r = D1 / P0 + g
g = (P0 × r - D0) / (P0 + D0)
```

`D0` shi ne rabon da aka riga aka biya, dala 2. Layin farko yana cewa, idan ƙaruwar kashi 4 ce da gaske, mai saye a 60 zai samu kusan kashi 3 da rabi daga rabo, da 4 daga ƙaruwa, jimilla wajen kashi 7 da rabi. Layi na biyu yana cewa, idan na dage sai na samu kashi 9, to dole rabon ya riƙa hawa da kusan kashi 5 da rabi har abada. Yanzu tambayar ta zama wadda ake iya bincikawa. Kamfanin da ke riƙe kashi ɗaya cikin uku na ribarsa, kafin ya kai wannan ƙaruwa sai ya samu kusan kashi 16 da rabi a kan jarinsa, shi kuwa 12 yake samu, kuma hukuma ce ke ƙayyade masa kuɗin da zai caji masu amfani da wutarsa. Sai dai in akwai dalilin da zai sa hukumar ta sassauta masa, ko kuma in yarda da ribar kashi 7 da rabi. In ba ɗaya daga cikin biyun, a dala 60 ba zan saya ba.